Ciniki Ya Mutu a Bakin "See more"

Duk mai tallan haja a waya ya san akwai wani almakashi da ba ya jin magiya. Ka zuba bayani son ranka, Facebook zai bar 'yan layukan farko ya datse sauran, ya liƙa "See more". Instagram ya fi shi rowa, wajen haruffa 125 yake nunawa. Mai saye kuwa yana cikin Keke Napep daga Bekaji zuwa Kasuwar Jimeta, rana na dukansa, data na ƙarewa. Ba zai taɓa "See more" ba sai layin farko ya riƙe masa riga.

To, mu mutane ne masu ladabi, kuma ladabin nan ne yake cinye mana jari. Dubi Hajiyar da ke son sayar da firizarta a watan Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, ruwan sanyi ya zama abin roƙo. Ga yadda ta buɗe talla: "Assalamu alaikum warahmatullah 'yan uwa da abokan arziki, da fatan kun tashi lafiya, ya zafi, ya iyali, Allah ya sa mu dace." Nan almakashi ya sauka. Ko sunan firiza bai fito ba. Zuwa la'asar an cika mata waya da "Amin Hajiya", wata ƙawarta har ta kira tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Kishiyar Hajiya shi ne saurayin da ya gano sirrin layin farko, sai ya wuce gona da iri. Nasa tallan yana farawa da hoton wuta guda goma, na jiniya guda biyar, sannan "GARAƁASA! KADA KA BARI A BA KA LABARI!" Garaɓasar me? Akuya ce ko fili? Sai ka danna. Ka danna ka tarar da takalmi ƙafa ɗaya a hoto, ƙarƙashinsa an rubuta "DM for price", kamar farashin sirrin gwamnati ne.

Amma gwanayen fagen su ne dillalan gidaje. Sun san sunan Bekaji yana jan ma'aikaci da sabon ango, don haka layin farko sumul: "Ɗaki biyu da falo, Bekaji, ga ruwa ga wuta." Ƙarƙashin almakashi ne gaskiya ke zaune a rakuɓe. Ruwan na mai kura ne. Wutar sai YEDC ta ga dama. Gidan kuma "minti ashirin kacal daga Bekaji", wato sai ka tsallake gadar Binuwai ka kama hanyar Girei. Ka yi ƙorafi, dillali ya ce, "Haba Alhaji, ai na rubuta, kai ne ba ka karanta ƙasa ba." Ya samu kira hamsin, amma ba wanda zai sake ɗaga wayarsa.

Maganin bai kai tsawon gaisuwar ba. Layin farko abu huɗu yake so: mene ne kayan, yaya lafiyarsa, nawa ne, ina yake. Da Hajiya ta rubuta, "Firiza mai lita 200, wata 8 da saye, tana ƙanƙara, N180,000, Bekaji. Murfi ya ɗan lotsa," da bai kai haruffa 100 ba, ya tsira daga yanka. Lotsawar murfin ma riba ce, domin wanda ya kira ya riga ya haƙura da ita, ba zai zo tsakar gida ya tsaya yana taɓe baki don a rage masa dubu talatin ba. Sallama da addu'a su biyo baya, ladarsu ba ta raguwa don sun sauka layi na uku.

Ana gane layin da ya gaza daga irin saƙon da ke shigowa. In kowa "nawa?" yake cewa, farashi ya faɗa ƙarƙashin almakashi. In "a ina kuke?" ne, unguwa ce ta nutse. In mutum ɗari uku sun gani ba wanda ya tanka, gaisuwa kawai suka karanta. Kuma wurin yankan ba ɗaya ba ne a kowace waya: girman allo da girman rubutu suna matsar da shi. Kafin ka saki talla, ari ƙaramar wayar maƙwabci, ko ta Baffa da ya ƙara wa rubutunsa girma saboda ido, ka ga inda aka datse ka.

Masu saye ma ba a bar su a baya ba. Ka jera kaya, farashi da unguwa a layin farko, da manyan baƙaƙe, wani bawan Allah zai karanta tsaf, ya yi shiru na kwana biyu, sannan ya turo maka da tsakar dare: "Salam, nawa ne gaskiya, kuma za ka kawo min Numan kyauta?"