Jinjina ga Sankira Mai Dogon Numfashi

Allah ya albarkaci Kafanchan da abubuwan alfahari. Ya ba ta mahaɗar jirgin ƙasa, ya kafa mata duwatsun Kagoro a gefe, ya zubo mata ruwan Matsirga. Amma duk cikin ni'imomin nan babu wadda ta kai mai gabatar da babban baƙo a wurin taro, gwarzon da ake miƙa wa makirfo a ce ya yi minti biyu, shi kuwa saboda yalwar zuciya ya yi arba'in. Gaishe ka toron giwa, mai hana makirfo hutawa, kogin da ba ya ƙafewa ko da rani!

Dubi yadda yake soma aiki. An gayyato dattijo, wanda ya girme shi da shekara talatin, ya zo ya yi wa matasa jawabi. An rubuta a takardar shiri cewa baƙo zai yi magana ƙarfe goma sha ɗaya. Da wani ƙaramin mutum ne, da sai ya gai da iyayen ƙasa sau ɗaya, bisa tsarin da fada ta bayar, ya wuce. Namu ba ya wannan rowar. Zai gai da Sarkin Jama'a, ya gai da Agwatyap, ya gai da Agwam Bajju da Kpop Ham da Sarkin Kagoro, ko sun zo ko wakilai suka aiko, ko ma ba a gayyace su ba. Daga nan ya gangaro kan hakimai, da dagatai, da kansiloli masu ci da waɗanda suka sauka, da shugabar zumuntar mata da mataimakiyarta. In ya hango wani mai babbar riga ya shigo a makare, sai ya dakata, ya koma farko, domin adalci ba ya son a bar kowa a baya. Masu gabatarwa uku da suka riga shi sun yi wannan gaisuwar, gaskiya ne, amma ai ba da muryarsa suka yi ba.

Kuma a nan ne iliminsa na tarihi yake haskakawa. Mutane sun daɗe suna cewa a kira su da sunan da suke kiran kansu: Atyap, Bajju, Ham. Gwanin namu, saboda riƙo da kayan da, sai ya ce Kataf, ya ce Kaje, ya ce Jaba, a gaban sarakunansu, da murya mai daɗi. In ka ga dattawan layin gaba sun sunkuyar da kai suna duban takalmansu, to nauyin hikimar ne ya danne su.

Akwai wasu bayin Allah, marasa kishin sana'a, da suke ɓata wannan fage. Za ka ga ɗayansu tun ana jibi taro ya nemi baƙon ko mai taimaka masa, yana tambaya: Baba, yaya ake faɗin sunanka daidai? Wane muƙami kake so a ambata, wanne za a bari? A kan me za ka yi magana? Har ya rubuta amsar a 'yar takarda da ba ta fi tafin hannu ba, ya karanta wa kansa a gida yana duban agogo. Wannan ai raina baiwa ne. Mai baiwa ba ya tambaya. Yana hawa dandamali ne ya laƙa wa baƙo Farfesa ko da Dakta ne, ya ƙara masa sarautar da ba a naɗa shi ba, ya canja masa ƙauyen haihuwa zuwa wanda ya fi daɗin faɗi. Wa zai ƙi ƙari?

A ce Janar Martin Luther Agwai ne zai yi magana a kan zaman lafiya. Marowacin nan mai 'yar takarda zai tashi ya ce: “Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Jama'a, barkanku da zuwa. Wanda zai yi mana magana yau ɗan wannan yanki ne. Ya shugabanci rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya daga 2003 zuwa 2006, ya zama babban hafsan tsaro, sannan ya jagoranci dakarun kiyaye zaman lafiya a Darfur. Ya ga abin da faɗa yake yi wa gari da idonsa, shi ya sa muka roƙe shi ya zo. Baba, ranka ya daɗe, ga 'ya'yanka suna saurare.” Shi ke nan fa! Ko minti ɗaya da rabi bai cika ba. Ya zaɓi abu uku kacal, duk masu alaƙa da batun ranar, ya miƙa makirfo da hannu biyu yana ɗan rusunawa, ya koma kujerarsa. Sakamakon wannan sakaci shi ne jama'a su tafi gida suna tuna abin da Janar ya faɗa, babu wanda ya riƙe ko sunan mai gabatarwa. Ina ribar?

Zakaran namu ba zai yarda a yi masa wannan asarar ba. Shi daga firamare yake farawa. Zai karanto takardar tarihin baƙo shafi shida, da kowane kwas da kowace lambar yabo, yana tuntuɓe a kan gajerun sunayen makarantun Turai, yana maimaitawa har sai sun yi laushi. Can tsakiya sai ya tuna cewa shi ma ya taɓa haɗuwa da baƙon a wani biki, inda baƙon ya dafa kafaɗarsa. Wannan labari yakan ci minti goma, kuma a cikinsa ne jama'a suke gane cewa manyan mutane biyu ne a wurin. Domin nuna kusanci, yakan kira dattijon da sunan yanka tsirara, ba Baba ba ranka ya daɗe, har ya tono wani laƙabin ƙuruciya da jikokin mutumin ba su taɓa ji ba. Wannan shi ne sakin fuska na gaske, irin wanda yake sa matar baƙo ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Babbar kyautarsa kuwa tana ƙarshe. Da yake ya leƙa takardar jawabin, sai ya tausaya wa tsoho, ya faɗi duk abin da ke ciki: ga matsalar, ga dalilai uku, ga mafita. Ya sauke wa baƙo kaya tun kafin ya ɗauka. Wane ɗa ne ya taɓa yi wa ubansa hidima irin wannan?

Duk wannan lokaci dattijon yana jira. Tun da aka ce “ba tare da ɓata lokaci ba” karo na farko ya miƙe, ya gyara tabarau, ya riƙe takardunsa. An sake faɗa sau huɗu. Ya zauna, ya tashi, ya dogara da sanda, yana murmushin da manya suke yi idan an karrama su fiye da ƙarfinsu. Rana ta take tsaka, ruwan leda ya ƙare, mai janareto ya zo ya raɗa cewa man da ya saura ba zai kai rabin sa'a ba. Matan zumunta da suka zo tun ƙarfe takwas da tulunan kiɗansu sun fara gyangyaɗi, manoman citta da suka baro gona sun zame ɗaya bayan ɗaya. Hadari kuma ya haɗo daga wajen Kagoro, ya yi baƙi ƙirin.

Sai a sannan sadaukin ya juyo, cikin ladabin da ba a taɓa ganin irinsa ba, ya ce: “Baba, saboda ƙurewar lokaci, muna roƙo a taƙaita mana cikin minti biyar.” Baba ya karɓi makirfo, ya gode wa ɗansa bisa wannan gabatarwa, ya ninke shafi takwas daga cikin goman da ya kwana uku yana rubutawa, ya sa a aljihu. Yana cikin sakin layi na biyu janareto ya mutu. Kwamitin shirya taro, da yake sun san darajar gwani, tuni suka sa sunansa a takardar taron baɗi.