Jinjina ga mai makaranta, gwanin ta'aziyya

A cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, da wuya a sami mai tausayi kamar wani mai makarantar kuɗi da ba sai an kama suna ba. Ranar da mahaifin wani malaminsa ya rasu, kafin a dawo daga maƙabartar Dandolo har an buga takardar ta'aziyya da Turanci, an danna hatimi, an manna ta a allon sanarwa. Shi dai bai sami zuwa jana'iza ba, amma ina jana'iza ina takarda mai hatimi?

Tsarin hutunsa ma abin a yaba ne. Duk mai son hutun rasuwa sai ya cike fom mako guda kafin ranar. Mutanen birni ne dai ba su da tsari: mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Laifin mamacin ne da bai sanar da ofis a kan lokaci ba. Sannan dole a kawo takardar shaidar mutuwa, ko da tsohon a ɗakinsa ya cika, ba a Asibitin Murtala ba. Ai masu ƙaryar mutuwar ubansu sun cika gari!

Kuma bawan Allah bai taka doka ba. Dokar Ƙwadago ta 1971 ta ba ma'aikaci hutun kwana 6 bayan ya yi aikin wata 12, da kwana 12 na rashin lafiya, amma ba ta ce uffan a kan rasuwa ba. Wanda doka ba ta ɗora wa ko yini guda ba, ya ba da yini guda cur, me za a ce da shi in ba Allah ya ƙara arziki ba?

Malamin ne ya yi rashin godiya, ya zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida har aka yi sadakar uku. A ce albashinsa naira 30,000 ne, kowace rana 1,000 ke nan. An zaftare 2,000 na kwana biyun da ya ƙara, sannan aka miƙa masa ambulan na naira 2,000, gudummawar makaranta, aka ɗauki hoto. Ka ga lissafin masu ilimi: an yi alheri, asusu bai yi kuka ba.

Wata malama da mijinta ya rasu kuwa, ita aka fi gatantawa. Takabarta wata 4 da kwana 10, sai aka ce: "Malama, ki zauna ki yi ibadarki a tsanake, kada ki damu da aji." Cikin mako aka ɗauki wata a madadinta, aka tsayar da albashi, don kada abin duniya ya ɗauke mata hankali. Marayu huɗu kuwa, Allah ne gatansu.

Allah ya ja kwana, ranka ya daɗe. Ranar da taka ta zo, malamai za su so su raka ka, sai dai ka taimaka ka sanar da su mako guda kafin nan, su cike fom.