Kaya Sun Makara: Ire-iren Masu Ba da Haƙuri

A ce wata Hajiya a Azare ta yi odar anko turmi 10 daga Kantin Kwari. An yi mata alkawarin Talata, biki Asabar, kaya ba su sauka tasha ba sai yammacin Juma'a, lokacin da tela ya riga ya rantse ba zai karɓi ɗinki ba. Yanzu mai shago zai rubuta mata imel, kuma a nan ake gane halin kowa.

Akwai Malam Ƙaddara. Saƙonsa wa'azi ne: komai da lokacinsa, wani jinkirin alheri ne. Sai Hajiya ta gama karantawa tana jin kamar ita ya kamata ta tuba.

Ƙaninsa Sarkin Hanya ya fi shi ƙwazo. Zai lissafo cunkoson Wudil, tayar da ta fashe a Shuwarin, direban da ya kashe waya kafin Jama'are, ɗan kamashon da ya saka ƙullin a motar Potiskum. Kowa da ke tsakanin Kano da Azare yana da laifi, ban da wanda ya kwana biyu bai kai kayan tasha ba. Gane shi ba wuya: duba ranar da ke kan rasidin tasha, in ya yarda ya turo.

Mai gaisuwa kuwa sai ya tambayi Alhaji, yara, zafi da sauro, sannan a layin ƙarshe ya ce "sai haƙuri da abin da ya faru", bai ce mene ne ya faru ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Mai Ragi. "Hajiya, mun yi miki ragin kashi 5 cikin 100 a sayayya ta gaba." Wato ta sake kawo kuɗi kafin ta ga amfanin haƙurin nasa. Ƙugiya ce da tsutsa a baki.

Na ƙarshen, irinsa ba su da yawa a kasuwa. Kan saƙonsa yana ɗauke da lambar oda, cikinsa gajere:

"Hajiya, barka da yini. Mun ce Talata, kaya sun iso Juma'a. Laifinmu ne, sai Alhamis muka kai tasha. Kuɗin motar da kika biya mun mayar asusunki yau, ga shaidar turawa. In ankon ya tashi aiki, a miƙa wa yaronmu a tashar Azare ranar Litinin, kuɗin komawa a kanmu, naki kuma su shigo cikin awa 24. In za ki riƙe, mun cire naira 1,000 a kowane turmi. Wanne kika zaɓa?"

Ya bar mata zaɓi ne domin bai san ko akwai walima a gaba da za a sa ankon ba. Ita ta sani.

Malam Ƙaddara dai, da ya ji labari, cewa ya yi mai wannan saƙon ba zai daɗe a kasuwa ba.