Yadda Za Ka Ciwo Tu-Wan a Shekarar Ƙarshe Ba Tare da Ka Yaudari Kanka Ba

Duk shekara, da zarar an kafe sakamakon 'yan aji uku a jami'a, sai masu lissafin baka su bazu a gindin bishiyoyi. Za ka ji wani yana cewa, “Ni 3.30 gare ni, kuma 3.50 kawai ake nema. In na samu 3.70 a aji huɗu, a haɗa a raba biyu, shi ke nan na haye.” Abokai su tafa, a sayi lemo, kowa ya watse da murna. Malam ɗalibi, ajiye lemon nan tukuna. Ofishin jarrabawa ba ya haɗawa ya raba biyu. Ga shawarwarin da za su hana ka zubar da hawaye ranar da sakamakon ƙarshe ya fito.

Na farko: fito da takardar sakamakonka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka daina dogara da abin da ka haddace, domin ƙwaƙwalwar ɗalibi tana da kara, ba ta son tuna masa da D. Lambobi biyu za ka nema: jimillar yunit ɗin da ka yi rajista tun daga aji ɗaya, da jimillar makin da ka tara. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'in Najeriya ke bi, A biyar ce, B huɗu, C uku, D biyu, E ɗaya, F kuwa sifili. Ana ninka wannan da yunit ɗin kwas, don haka B a kwas mai yunit uku maki 12 ce. In aka raba jimillar maki da jimillar yunit, abin da ya fito shi ne CGPA. Bari mu ce ka yi rajistar yunit 108 a samista shida, ka tara maki 356. Wannan ne ya ba ka 3.30 ɗin da kake ta shela.

Na biyu: ka ɗauki abin a matsayin bashi. Saura maka samista biyu, kowace da yunit 18, wato 36. Ranar da za ka gama, yunit ɗinka zai zama 144. Mai son fita da 3.50, wadda ita ce ƙofar tu-wan, dole ya biya maki uku da rabi a kan kowane yunit. Ninka 144 da 3.50, ka samu 504. Ka riga ka biya 356, ana bin ka 148, kuma yunit 36 kaɗai gare ka da za ka biya da su. Raba 148 da 36, sai ga 4.11. Wannan ita ce lambarka ta gaskiya. Rubuta dabarar a bangon littafinka:

```
(buri × dukkan yunit − makin da ka tara) ÷ yunit ɗin da ya rage
```

Me ya raba 3.70 da 4.11? Nauyi. Shekaru ukun da suka wuce sun ninka shekarar da ta rage sau uku, don haka giɓin 0.20 da kake rainawa sai ka cike shi sau uku, ya zama 0.60, sannan ka ɗora a kan 3.50. Da ka bi lissafin gindin bishiya ka kawo 3.70, maki 133 za ka ƙara, jimilla 489, ka fita da 3.40 kana tambayar wanda ya yi maka asiri. Babu kowa. Rabawa biyu ce ta yi maka.

Na uku: mayar da lambar zuwa haruffa. Ba a shiga ɗakin jarrabawa a rubuta 4.11, A da B ake ciyowa. In ka samu B a kowane kwas, maki 144 ke nan, saura huɗu. Ma'ana, B ita ce mafi ƙanƙantar abin da za ka yarda da shi, sannan aƙalla yunit huɗu su zama A. A nan ne za ka san waɗanda ya kamata ka riƙa gaisarwa da ladabi a cikin kwasa-kwasanka. In furojet ɗinka yunit shida ne, A a cikinsa kaɗai ta kai ka 150, har da rarar maki biyu. A a ƙaramin kwas mai yunit ɗaya kuwa maki ɗaya tak za ta ƙara maka a kan B. Saboda haka wanda ya kwana uku yana haddar ƙaramin kwas, alhali malamin da ke duba furojet ɗinsa bai ga ƙeyarsa ba tun farkon samista, ya tausaya wa kansa ya sake tsari.

Ka kuma ji tsoron C. Ko da ka ci A a furojet, C guda a kwas mai yunit uku za ta zare maka maki uku, ka dawo 147. Jimilla 503, a raba da 144, a samu 3.49. Maki ɗaya rak, amma takardar shaidarka za ta ce tu-tu har tsufanka. Duk C ɗin da ta shigo, sai ka samo mata A mai yunit daidai da nata ta goge ta.

Na huɗu: auna rufin ɗakin kafin ka yi tsalle. Wani zai ce, “To ni ai fes kilas nake hari.” Madalla da himma, amma mu tambayi lissafi. Fes kilas daga 4.50 take farawa, wato maki 648 a yunit 144. Cire 356, saura 292, raba da 36, ka samu 8.11. Duk lokacin da amsa ta haura biyar, ƙofar nan ta rufe, ko da za ka tare a laburare da katifarka. In ka share A a komai, maki 180 za ka ƙara, ka tsaya a 3.72. Sanin wannan ba karaya ba ne, shi zai sa ka zuba ƙarfinka a kan abin da hannunka zai kai.

Na biyar: kada ka yi wasa da kari-oba. A jami'o'in da ke ƙirga kowace rajista, kwas ɗin da ka faɗi yana shiga lissafi sau biyu. Yunit ukunsa na farko sun tafi da sifili, in ka sake ɗauka kuma jimillarka ta koma 147, jimillar makin da ake nema a wurinka ta tashi daga 504 zuwa 515. Ka je wurin kodinetan ajinku, ka gaishe shi, ka ce, “Malam, don Allah yaya ake ƙirga kwas ɗin da aka maimaita a sashen nan?” Amsarsa ta fi ta ɗan ɗakinku inganci.

Na shida: sake lissafi da zarar sakamakon samistar farko ya fito. A ce ka samu maki 70 a yunit 18, GPA ɗinka 3.89. Abin yabo ne, amma bai kai 4.11 ba, kuma ragowar ta bi ka zuwa gaba. Yanzu 78 ake bin ka a yunit 18, wato 4.33. B a ko'ina za ta ba ka 72, don haka sai ka nemo A a yunit shida cif, ba tare da C ko ɗaya ba. Har yanzu da hanya, sai dai ta ƙara tsukewa, kuma gara ka san haka a makon farko da ka sani a makon jarrabawa.

Shawara ta ƙarshe ta ƙannenka ce 'yan aji ɗaya. Wanda ya gama shekarar farko da 3.30 a yunit 36, yana da yunit 108 a gabansa, kuma abin da yake buƙata bai ma kai 3.60 ba. Giɓi ɗaya ne, amma shi B da C a gauraye za su kai shi, in B ta ɗan rinjaya, kai kuwa sai ka zubar da gumi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kira su yau, ka ba su biro da takarda, ka sa kowa ya fitar da lambarsa, sannan kai ma ka tashi ka nemi malamin furojet ɗinka kafin ya bar ofis.