Kwali lafiya, faranti ba lafiya

Tangaran goma sha biyu na sayo wa ƙanwata na kayan ɗaki daga wani ɗan kasuwa a Malanville ta ƙasar Benin. Na biya da sefa, shi kuma ya ba direba, kwali ya biyo ta Lolo har tashar Bagudo. Ina ɗaga shi na ji ƙacau-ƙacau kamar an ɗaura wa jaki ƙararrawa.

Uwargida ta zo da wuƙa, na ce a dakata. Wanda ya farke kwali kafin ya ɗauki hoto ya kashe shaidarsa da hannunsa. Na ajiye shi a hasken tsakar gida na ɗauki fuskokinsa shida, har gindin, sannan takardar da ke ɗauke da sunana, sannan salatif ɗin. Launinsa ɗaya ne, ba a yanka an sake liƙewa ba, wato ba wanda ya buɗe shi a hanya. Kusurwa ko ɗaya ba ta loɓa ba. Yara suna gefe suna jiran kwalin, don tuni sun raba shi a zuci za su yi mota.

Da na buɗe, sai na ɗauki cikin tun ban taɓa komai ba. Abin da aka tare faranti goma sha biyu da shi, jaridar Faransanci ce, shafi biyu. Uku sun fashe. Na zazzage kwalin a kan tabarma na yi ta harhaɗa ɓaraguzan, biyu suka cika daidai. Na ukun bakinsa da giɓi, kuma guntun ba ya cikin kwalin ko kaɗan, ga tsohon gam ya yi rawaya a jikin tsagar. Na ajiye kwalin ashana kusa da giɓin don a ga girmansa, na ɗauka.

Wasiƙar da na tura wa ɗan kasuwan tare da hotunan gajera ce. Bayan gaisuwa na rubuta ranar saye, kuɗin da na biya da ranar da kaya ya iso, na ba kowane hoto lamba. Na ce: "Alhaji, hoto na 1 zuwa na 8 sun wanke direba. Na 9 ya nuna jaridarka. Na 12 ya nuna farantin da ya shiga kwali da ciwonsa. A aiko da uku, ko a mayar da kuɗinsu cikin mako guda."

Amsa ta zo da saƙon murya. Alhaji ya tambayi iyali da ruwan Kwara, ya ce Allah Ya sa iyakar asarar ke nan. Sai ya ce: "Malam, ashanar nan ba ni na saka ba. Amma wace irin waya ce da kai? Hotonta tar-tar!"

Na faɗa masa, na kuma sake tura na 12 shi kaɗai. Ya aiko da faranti uku a naɗe cikin tsohon bargo, launinsu ya saɓa da na sauran. Bargon kuma ya ce a ba direba ya mayar masa.