Masu Kai Magana Sama

A ce kamfani ne mai ajiye daskararren kifi da kaji a ɗakin sanyi, wuta kuwa sai ranar da ta ga dama, don haka ran kayan yana hannun janareta. Man dizal da ya rage a tanki na kwana huɗu ne. Dillalin mai ba ya turo mota sai ya ga kuɗi, kuma ko ya gani sai bayan kwana biyu motar ke isowa. Takardar biyan kuɗin, ta naira miliyan uku, ta yi mako guda a kan teburin akanta. Mai kula da sito ya tuna wa manajansa sau biyu, manaja ya ce zai duba. Yanzu ba makawa sai magana ta kai ga babban manaja. A nan ne halin mutane ke fitowa, kuma yawancinsu sukan ɗauki akanta su kai sama, alhali abin da ya kamata su kai shi ne hukuncin da babu mai iya yankewa sai na saman.

Akwai Malam Ba-Gulma-Ba. Yakan shiga ofis, ya waiga, ya tura ƙofa a hankali, ya rage murya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wai ƙara na kawo ba." Tun daga nan babban manaja ya san ƙara ce, ya kuma fara lissafin ranar da za a kawo tasa wajen na sama da shi. Ƙanensa shi ne mai yabo da wuƙa a aljihu, wanda kan fara da cewa akanta mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, yana da iyali da yawa, sannan ya ja numfashi ya ce "sai dai". Duk abin da ya gabaci "sai dai" likkafani ne. Su biyun sukan fito sun yi minti ashirin a ciki, ba wanda ya ambaci cewa man kwana huɗu ya rage, domin tankin bai taɓa zama abin da ya kai su ba.

Sai ɗan zamani, mai imel. Shi ba ya zuwa ko'ina. Yakan rubuta wa akanta "ina ƙara tunatar da kai karo na uku", sannan ya jera manaja da babban manaja da shugaban ma'aikata a layin Cc, kamar mai gayyatar ɗaurin aure. A ganinsa bai kai ƙarar kowa ba, tunda wasiƙar ta akanta ce. Amma akanta ya ga sunayen, kuma daga wannan lokaci ya daina neman yadda za a biya, ya koma neman yadda zai wanke kansa. Amsarsa za ta zo da tsawo, da lambar kowace doka, da kwafin wasiƙun bara, dizal kuwa yana ta raguwa. Na tare hanya ma yana nan, mai jiran babban manaja a bakin masallaci bayan Azahar, ya raka shi har mota. Maganar da aka yi ana saka takalmi ba ta da kwanan wata, ba ta da shaida, kuma idan ta dawo kunnen manaja takan dawo da ƙari.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Malam An-Ce. Tsoron ɓata wa wani ya sa ya share kowane suna daga bakinsa: an kai takarda, an ce za a duba, ba a duba ba, ana ta jira. Yana zaton kirki ya yi. Amma babban manaja ba zai iya sa hannu a kan "an" ba, dole ya tambaya, "Wa?" Da zarar an yi wannan tambaya, magana ta tashi daga neman mafita ta zama bincike, sunan da aka ɓoye kuma ya fito da nauyin da bai da shi da farko. Ashe ɓoye suna ba ya kare abokin aiki. Abin da ke kare shi shi ne a faɗi matakin da takarda ta tsaya da dalilin tsayawarta.

Dalilin kuwa sai an taka an tambaya. Wanda ya iya wannan aiki yakan fara da teburin akanta, ya ce, "Malam, me ya riƙe takardar nan?" Sau da yawa amsar ba lalaci ba ce. A misalinmu, dokar kamfani ta ce sayayyar da ta haura miliyan ɗaya sai an haɗa farashin 'yan kasuwa uku, takardar kuwa farashi ɗaya ke jikinta, kuma babban manaja kaɗai ke da ikon ɗage sharaɗin. Idan akanta ya biya a haka, shi mai binciken kuɗi zai kama. Daga nan mutumin namu ya koma wa manajansa ya ce, "Yallaɓai, abin nan ya fi ƙarfin teburinmu, zan rubuta wa babban manaja ta hannunka, ko mu shiga tare." Takardar gajera ce: man da ya rage zai ƙare ranar Juma'a, in ba a biya zuwa Laraba ba mota ba za ta iso ba, biyan ya tsaya ne a kan sharaɗin farashi uku, kamar yadda akanta ya bayyana, ana roƙon a ɗage sharaɗin wannan karon, ko a amince a sayi rabin tanki da kuɗin hannu kafin a kammala takardu. Sunan akanta yana ciki, amma a matsayin wanda ya gano inda igiyar ta ƙulle.

Wani zai ce wannan ai munafunci ne mai kyan tufafi. To idan akantan da gaske malalaci ne fa, ya san da sharaɗin tun ranar farko ya yi shiru? Yana iya yiwuwa. Amma kwanakin da ke cikin takardar za su faɗi haka da kansu, babban manaja ya iya ƙirga mako guda ba sai an riƙe masa yatsu ba. Gyaran halin akanta aikin shugaban sashensa ne, kuma yana iya jira zuwa wata mai zuwa. Kifi ba zai jira Asabar ba. Wanda ya haɗa batutuwan biyu a takarda ɗaya yakan samu a zauna a kan na farko, a manta da na biyu. In kuma maganar sata ce ko takardun bogi, wannan wani babi ne, a nan ana kiran suna da hujja, ba a lulluɓewa.

Wani kuma zai ce gaya wa manaja tun farko ba shi dama ce ya danne maganar. Gaskiya ne, akwai masu dannewa. Sai dai aikin gwamnati da kansa ya daɗe da tsarin rubuta wa babba ta hannun na kusa, kuma amfaninsa shi ne na kusa ya sani, ba wai ya ba da izini ba. In ya ce a bari, a ce masa cikin ladabi Laraba ce iyaka, za a aika da kwafi gare shi. Manajan da ya fara jin matsalar sashensa daga bakin ubangidansa ya riga ya ji kunya, kuma shi ne zai cike takardar ƙarin girman wanda ya tsallake shi a ƙarshen shekara. Tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Saura Alhaji Mai Haƙuri, wanda bai kai magana ko'ina ba, don kada a ce shi ne. Shi za a gani ranar Asabar da safe tsaye a ƙofar ɗakin sanyi, ya toshe hanci da hula, yana bayyana wa babban manaja cewa tun makon jiya ya san za a yi haka.