Yadda Na Tura Liman Aji Ana Tsakiyar Huɗuba

Shugaban makarantarmu ba ya zana jadawali, rubuta shi yake yi kamar wasiƙa. Ya miƙo min takarda cike da jimloli, ya ce, "Malam, mayar mana da wannan gida-gida a kan kwali, a manna a ɗakin malamai."

Aikin ba wuya a ido. Ranaku biyar a jere daga sama zuwa ƙasa, darussa takwas a kwance, kowanne minti 40. Ana farawa 8:00, a fita tara daga 10:40 zuwa 11:10, darasi na takwas ya kama daga 1:10 zuwa 1:50. Na fara da jimlolin da suka faɗi rana da lokaci ƙarara, irin "Lissafi ne na farko kullum ban da Laraba." Sannan na bi waɗanda suka jingina da wasu, irin "Turanci na bin Lissafi." Har na iso kan wadda ta ce, "Darasin Addini ne na ƙarshe ranar Talata da Juma'a." Na sauko layin darasi na takwas, na rangaɗa shi a Talata, na rangaɗa shi a Juma'a, da jar maka mai kauri.

Da na gama, gidaje uku suka rage wayam a Juma'a: na biyar, na shida da na bakwai. Gidajena 40, darussan da ke takardar 37. Na ce ai shugaba ne ya manta, na cike su da "Laburare". Makarantarmu ba ta da laburare.

Litinin da safe ɗakin malamai ya cika, kowa na neman darasinsa a kwali. Sai ga malamin Addini, dattijo mai furfura, wanda kuma shi ne limamin masallacin Juma'a na unguwar. Ya gyara tabarau. Ya ɗora yatsa a kan Juma'a, ya fara jan shi a hankali. Ya wuce na ɗaya, ya wuce tara, ya ratsa Laburare, Laburare, Laburare, ya tsaya cak a gidan ƙarshe. Ya ɗaga yatsan sama ya duba lokaci, ya dawo da shi ƙasa. Har yanzu in na rufe ido yatsan nan nake gani yana hawa yana sauka.

"Wane ne ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Madalla. To ɗana, ƙarfe ɗaya da minti goma ina kan mumbari. Yaran za ka kawo min masallaci, ko jama'ar zan kwaso mu taho aji biyu?"

Bai yi dariya ba, kuma wannan ne ya kashe ni. Malamar Turanci ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta na rawa. Shugaba ya karɓi takardarsa daga hannuna, bai ce uffan ba, ya juya bayanta. Jimla ɗaya ce tal a can: "Juma'a ana tashi bayan darasi na biyar." Wato na ƙarshen Talata shi ne na takwas, na ƙarshen Juma'a kuwa na biyar ne, 11:10 zuwa 11:50. Takwas sau huɗu 32, a ƙara biyar, 37 cif. Gidaje ukun da suka yi rara, shida zuwa takwas, ya kamata a soke su tun kafin a rubuta darasi ko ɗaya. Lissafin ya yi ta yi min ihu, ni kuma na toshe masa baki da laburare.

Ana haka Baba maigadi ya leƙo da butarsa. Ya daɗe yana nazarin kwalin, ko da yake bai iya boko ba.

"Malam ƙarami, abin ai mai sauƙi ne. Yanke Juma'ar da reza, ka manna ta a sama. In ta zo farko, da wuri za a yi ta."

Na ce, "Baba, ba ranar ce ta makara ba, darasin ne."

"To ka rubuta in Allah Ya yarda a gefe. Wanda ya zo ya zo."

Ya juya zai fita, ya sake dawowa. "Ko kuma a roƙi Liman ya gajarta huɗubar. Dama mutane na cewa tana tsawo."

Liman yana tsaye a bayansa.

Kwali na biyu da fensir na zana shi. Baba maigadi kuwa, makon nan a wata unguwa ya yi Juma'a.